Daga Kuka Zuwa Tsayuwa da Ƙafa: Yadda Ake Jera Waƙoƙi Bayan Rabuwar Masoya

Mutumin da soyayyarsa ta watse, ko aka fasa aurensa bayan an sa rana, ko igiyar aurensa ta tsinke, yakan nemi waƙa fiye da yadda ya saba. Mafi yawa ɗayan abu biyu ke faruwa. Ko dai ya liƙe wa waƙar baƙin ciki guda ɗaya yana maimaita ta dare da rana, ko kuma abokai su cika masa kunne da kiɗan rawa don ya manta. Ta farko tana iya tsare shi wuri ɗaya har tsawon watanni, ta biyu kuwa zuciyar da ke ciwo ba ta karɓar ta. Akwai hanya ta uku wadda masu jinya da kiɗa suka daɗe da sani: a jera waƙoƙi yadda za su fara daga inda zuciya take, sannan su riƙa jan ta sannu a hankali zuwa inda ake so ta kai. A wannan hanya, tsarin jerin ya fi kowace waƙa guda ɗaya tasiri.

Abin da rabuwa ke yi wa jiki da tunani

Ciwon rabuwa ba raki ba ne. A shekarar 2011, Ethan Kross na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa sun gwada mutum 40 da masoyansu suka rabu da su cikin wata shida da suka wuce. An sa su cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka nuna wa kowa hoton wanda ya bar shi, daga baya kuma aka ɗora masa abu mai zafi a hannu. Sassan ƙwaƙwalwar da suka motsa lokacin zafin fata sun motsa lokacin kallon hoton. Shekara ɗaya kafin nan, Helen Fisher da abokan bincikenta sun duba mutum 15 da aka ƙi su alhali suna cikin so, suka ga hoton masoyin yana tayar da sassan da ke aiki lokacin da mai shaye-shaye ke ƙishirwar abin da ya saba da shi.

Waɗannan binciken biyu sun bayyana halin makonnin farko: ga ciwo, ga kuma ƙishirwa. Mutum yana son duk abin da zai kusantar da shi ga wanda ya tafi, ko da abin zai ƙara masa zafi. Waƙa kuwa tana cikin abubuwan da suka fi saurin dawo da tsohon tunani, domin ƙwaƙwalwa tana ɗaure sauti da wuri da lokaci da fuskar wanda aka ji shi tare da shi. Saboda haka waƙa ɗaya tana iya zama magani, wata kuma ta zama hanyar ciyar da ƙishirwar.

Akwai abu na uku da rabuwa ke taɓawa, wato sanin kai. Wanda ya shekara biyu ko uku yana tsara rayuwarsa da wani yakan wayi gari bai san abin da shi kansa yake so ba. Binciken Erica Slotter da abokan aikinta na 2010 ya nuna cewa wannan ruɗewar game da kai tana cikin abubuwan da ke jawo baƙin ciki bayan rabuwa. Don haka aikin jerin waƙoƙi bai tsaya ga rage kuka ba. Dole ne a ƙarshe ya mayar da hankalin mai sauraro daga kan wanda ya tafi zuwa kan kansa.

Dalilin farawa da waƙar baƙin ciki

Mutane da yawa suna ganin sauraron waƙar baƙin ciki ƙara wa ciwo gishiri ne. Bincike bai goyi bayan wannan ba gaba ɗaya. A 2014, Liila Taruffi da Stefan Koelsch a birnin Berlin sun tambayi mutum 772 abin da suke ji idan sun saurari irin wannan kiɗa. Abin da aka fi ambata shi ne begen abin da ya wuce, ba baƙin ciki tsantsa ba, kuma da yawa sun ce suna samun lallashi. Mai sauraro yana jin cewa wani ya taɓa shiga halin da yake ciki, ya kuma samo masa kalmomin da shi ya kasa furtawa.

Wanda ya fara mayar da wannan ya zama tsarin jinya shi ne Ira Altshuler, likitan ƙwaƙwalwa a asibitin Eloise da ke jihar Michigan ta Amurka, a shekarun 1940. Ya lura cewa majinyacin da ke cikin ƙunci ba ya kula kiɗa mai armashi, amma yana saurarawa idan aka fara da kiɗa mai sanyi da ya dace da halinsa. Da zarar hankalinsa ya kamu, sai a riƙa sauya kiɗan kaɗan-kaɗan, shi kuma ya bi. Masana suna kiran wannan ƙa'idar iso, ma'ana daidaita kiɗa da hali kafin a sauya shi. Bahaushe ya san irin wannan a gidan makoki: mai ta'aziyya ba ya shigowa da dariya, zama yake yi ya yi shiru tare da masu rashi, sai daga baya a shiga zancen duniya.

An gwada ƙa'idar a Jamus a 2021. Katrin Starcke da abokan aikinta sun nuna wa mutane wani yanki na fim mai sa baƙin ciki, sannan suka raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da jerin kiɗansa. Waɗanda suka fara da kiɗan baƙin ciki suka ƙare da na farin ciki su ne suka fi samun sauƙi a ƙarshe, ko da yake bambancin bai fito sarai tsakanin dukkan rukunan ba. Darasin a nan shi ne waƙar baƙin ciki ƙofar shiga ce. Amfaninta yana ga abin da ya biyo bayanta.

Abubuwa uku da ake dubawa a waƙa

Kafin a sa waƙa a jeri, ana auna ta da ma'auni uku. Na farko shi ne saurin kiɗa, wanda ake ƙirgawa da yawan bugu a minti ɗaya. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: mutum ya riƙa buga ƙafa daidai da kiɗan, ya ƙirga bugun daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu. Waƙoƙin kuka sukan kasance tsakanin bugu 60 da 75, kiɗan rawa kuwa yakan kai 115 zuwa sama. Tsallakawa daga 65 zuwa 120 kai tsaye shi ne kuskuren abokan da ke son raba mutum da damuwa da ƙarfin tsiya. Tazarar da kunne ke bi ba tare da gardama ba ita ce ƙarin bugu kaɗan-kaɗan daga waƙa zuwa waƙa.

Na biyu shi ne cikar kiɗa. Murya ɗaya da piyano ko jita ko kuntigi tana sa mutum ya shiga cikin kansa. Idan aka ƙara ganga da 'yan amshi, sai jiki ya fara motsi, hankali ya fita waje. Jeri mai kyau yana farawa da murya kusan ita kaɗai, ya ƙare da taron muryoyi da kayan kiɗa.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne wanda baitocin ke magana a kansa. Wata waƙar roƙon wanda ya tafi take yi ya dawo. Wata tana ba da labarin abin da ya faru a matsayin abin da ya riga ya wuce. Wata kuma ba ta ma ambaci wanda ya tafi ba, maganar gobe take yi. Waƙa tana iya zama mai sauri da armashi alhali baitocinta roƙo ne, wata kuma mai sanyi alhali baitocinta bankwana ne. Idan ma'aunin kiɗa da na baiti suka saɓa, baiti ake bi.

Matakai huɗu na jerin

Mataki na farko shi ne na kuka. Aikinsa shi ne ya faɗi ciwon yadda yake, ba tare da ado ba. Misalin da duniya ta sani shi ne «Someone Like You» ta Adele, wadda ta fito a 2011: murya ce da piyano kawai, saurinta kusan bugu 67. Mai waƙar tana magana da tsohon masoyin da ya riga ya yi aure, kuma duk da kewar da ke cikin muryarta ba ta ce ya saki matarsa ya dawo ba. Wannan ne ya bambanta ta da «Un-Break My Heart» ta Toni Braxton ta 1996, wadda daga farko har ƙarshe roƙon dawowa ce. Ta farko tana barin mutum ya yi kuka a kan abin da ya ƙare. Ta biyu tana riƙe ƙofar sa rai a buɗe, shi ya sa ba ta dace da wanda ke fama da son ɗaukar waya ya kira ba.

Mataki na biyu shi ne na sallamawa. Har yanzu kiɗan yana da sanyi, amma baitocin sun yarda cewa abin ya ƙare. Dolly Parton ta rubuta «I Will Always Love You» a 1973 don yi wa abokin aikinta Porter Wagoner bankwana lokacin da za ta bar shirinsa na talabijin, Whitney Houston kuma ta sake rera ta a 1992. Mai maganar a cikinta ita ce mai tafiya, kuma fatan alheri take bari a baya. Masu kallon finafinan Indiya, waɗanda suke da yawa a ƙasar Hausa, sun san irin wannan a «Channa Mereya» da Arijit Singh ya rera a fim ɗin «Ae Dil Hai Mushkil» na 2016, inda saurayi ke yi wa wadda yake so bankwana a wurin bikin aurenta da wani. Wannan mataki shi ne ƙashin bayan jerin, kuma shi ne aka fi tsallakewa, domin ba shi da zafin kuka kuma ba shi da daɗin rawa.

Mataki na uku shi ne na ƙorafi. Wanda aka bari yakan ɗora wa kansa laifin komai, yana cewa da ya yi kaza da ba a tafi ba. Waƙar ƙorafi tana tuna masa cewa shi ma an yi masa ba daidai ba, kuma yana da daraja. «Rolling in the Deep», wadda ke kundi ɗaya da waƙar Adele ta farko, tana tafiya da kusan bugu 105, da ganga mai nauyi da 'yan amshi. Fushin da ke cikinta yana tayar da jikin da baƙin ciki ya kwantar. Sai dai fushi ma igiya ce da ke ɗaure mutum da wanda ya tafi, don haka waƙar ƙorafi ɗaya ta isa a kowane zama, kuma ba a rufe jeri da ita.

Mataki na huɗu shi ne na tsayuwa da ƙafa. A nan mai magana a waƙar yana zancen kansa ne da abin da zai iya yi. «I Will Survive» ta Gloria Gaynor ta fito a 1978 a bayan faifan wata waƙa da kamfani ya fi sa wa rai, amma masu sauraro suka fifita ta. Gininta kansa ƙaramin jeri ne: tana buɗewa da piyano da murya mai bayyana tsoro, sannan ganga ta shigo da kusan bugu 117, maganar ta koma ta wadda ta gano tana iya rayuwa ita kaɗai. «Flowers» ta Miley Cyrus ta 2023 tana da kusan wannan saurin, kuma jigonta shi ne mace ta yi wa kanta abubuwan da take jira masoyi ya yi mata. A gida kuwa, amadar Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, tana cika wannan gurbi da kyau. Waƙarta da ke kiran mata su kama sana'a ba ta soyayya ba ce ko kaɗan, amma kiɗan ƙwarya da taron 'yan amshi da jigon dogaro da kai su ne ainihin abin da bazawara ko budurwar da aka yaudara ke bukata a wannan mataki.

Akwai waƙoƙin da suka ƙunshi tafiyar gaba ɗaya a cikinsu. «Al-Atlal», wadda Ummu Kulsum ta Masar ta fara rerawa a 1966 daga waƙen Ibrahim Naji da kiɗan Riyad al-Sunbati, ta fara da tsayuwa a kan kufan soyayya, ta ratsa ta neman 'yanci daga ƙangin masoyi, ta ƙare da miƙa lamari ga ƙaddara. Rerawarta a dandali takan wuce rabin sa'a, wato tsawon zama guda cikakke ga mai jin Larabci.

Misali na mako shida

A ɗauki misalin budurwar da aka fasa aurenta bayan shekara biyu ana nema. Ta ware rabin sa'a kowace rana, bayan la'asar, don sauraro. Rabin sa'a yana ɗaukar waƙa takwas masu tsawon minti uku zuwa huɗu. Kafin ta kunna, sai ta ba nauyin zuciyarta maki daga 0 zuwa 10 a takarda, ta sake bayarwa bayan waƙar ƙarshe. Abu na farko da za ta yi shi ne cire duk waƙar da suka saba ji tare, da wadda ya taɓa turo mata, da wadda aka shirya sawa a biki. Ba sai ta goge su ba, ajiye su za ta yi a wani wuri dabam da ba za ta ci karo da su ba.

A mako na ɗaya da na biyu, jerin yana da waƙoƙin kuka huɗu, na sallamawa uku, da guda ɗaya mai ɗan haske a ƙarshe. Saurin yana hawa kamar haka: 62, 65, 67, 70, 75, 82, 90, 100. Waƙar ƙarshe ba ta rawa ba ce, domin a wannan lokaci kiɗan rawa zai zame mata kamar izgili. Ya isa ta kasance mai ɗan motsi wadda ba ta ambaci soyayya ba. Idan ta fara da maki 8 ta ƙare da 6 ko 7, jerin ya yi aikinsa. Kuka a tsakiyar zama ba alamar matsala ba ce. Abin dubawa shi ne ko bayan an gama tana iya tashi ta yi alwala, ta ci abinci, ta amsa maganar mutanen gida.

A mako na uku da na huɗu, waƙoƙin kuka sun ragu zuwa biyu, na sallamawa suna nan uku, an shigo da ta ƙorafi ɗaya, an rufe da na tsayuwa da ƙafa biyu. Yanzu saurin yana iya kaiwa 115. Wurin sauraro ma yana sauyawa. Rabin farko tana iya jin sa a zaune, amma rabin ƙarshe a tsaye, tana shara ko wanki ko tafiya, domin motsin jiki yana taimaka wa kiɗa mai sauri ya kama.

A mako na biyar da na shida, waƙar kuka ɗaya ce ta rage, sai na sallamawa biyu, ta ƙorafi ɗaya, da na tsayuwa da ƙafa huɗu. A nan ne ake shigo da sababbin waƙoƙi, waɗanda ba ta taɓa ji ba lokacin da suke tare, ko irin kiɗan da take so tun kafin ta san shi amma ta bari saboda shi ba ya so. Waɗannan su ne ke gyara sanin kai da rabuwa ta girgiza, domin babu fuskar kowa a jikinsu. Idan ta ga tana ƙosawa waƙar kukan ta ƙare don a kai ga na gaba, lokacin cire ta ya yi.

Mako shida ma'auni ne na misali, ba doka ba. Soyayyar wata uku da auren shekara goma ba za su warke lokaci ɗaya ba. Abin da ke nuna lokacin matsawa gaba shi ne makin da ke takarda, ba kalanda ba: idan makin farkon zama ya sauka ya zauna ƙasa har kwana huɗu ko biyar, sai a rage waƙar kuka ɗaya. Komawa baya ma yana cikin tafiyar. Ranar da ta ji labarin ya sa rana da wata, tana iya komawa jerin makon farko na kwana ɗaya ko biyu. Masu binciken jimami Margaret Stroebe da Henk Schut sun bayyana a 1999 cewa mai rashi yana kai da komo ne tsakanin fuskantar rashin da gina sabuwar rayuwa, kuma wannan kai da komon shi ne lafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ba ya sauraron kiɗa saboda addini ko ra'ayi yana iya bin wannan tsari da ƙasidu da rubutattun waƙoƙin da ake rerawa da murya zalla. Ma'aunin bai sauya ba: a fara da masu taushin murya da ke maganar rashi da haƙuri, a bi da masu maganar yarda da ƙaddara, a rufe da masu amshi da ke ƙarfafa himma.

Inda abin ke lalacewa

Babban haɗari shi ne saƙe-saƙe, wato juya tunani ɗaya a zuciya ba tare da an kai ga matsaya ba. Sandra Garrido, mai bincike a ƙasar Ostareliya, ta nuna cewa mutanen da ke da wannan ɗabi'a sukan ƙara shiga ƙunci bayan sauraron waƙar baƙin ciki, alhali su da kansu suna cewa tana taimaka musu. Wannan ne dalilin rubuta maki a takarda, domin zuciya ba ta faɗin gaskiya a kan abin da take ƙishirwa. Idan makin ƙarshen zama ya fi na farko har kwana uku a jere, jerin yana cutarwa. Sai a rage waƙoƙin kuka zuwa ɗaya, ko a maye gurbinsu da kiɗa mai sanyi marar baiti.

Akwai wasu alamu da ake gane lalacewar da su. Ɗaya ita ce maimaita waƙa guda sau da yawa ba tare da an bar jerin ya ci gaba ba. Wata ita ce idan sauraro yana ƙarewa da buɗe hotunan wanda ya tafi, ko leƙa shafinsa, ko tura masa saƙo. David Sbarra da Robert Emery sun bi matasan da suka rabu da masoyansu kullum har kwana 28, a binciken da suka wallafa a 2005, suka ga cewa tuntuɓar tsohon masoyi tana tafiya tare da ƙaruwar so da baƙin ciki. Duk waƙar da ke kai hannu ga waya ta fita daga jeri, komai daɗinta. Haka nan ɗora baitin gugar zana a shafin sada zumunta don wanda ya tafi ya gani: wannan magana ce da shi, ba jinyar kai ba.

Lokacin sauraro ma yana da tasiri. Tsakar dare, a kwance, cikin duhu, shi ne lokacin da saƙe-saƙe ya fi ƙarfi, kuma mai sauraro yakan yi barci ko ya kashe wayar kafin a kai waƙoƙin ƙarshe, sai ya zama ya sha ɗacin bai kai ga maganin ba. Wayoyi kuma suna da maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi, wanda ake rubuta wa shuffle, da wanda ke ci gaba da kawo makamantan abin da aka saurara. Dole a kashe su duka biyu, domin na farko yana rusa tsarin, na biyu kuma yana iya jawo waƙoƙin kuka ɗaya bayan ɗaya har gari ya waye. Ƙarar sauti ita ma abin kula ce ga mai sa abin sauraro a kunne, saboda mai baƙin ciki yakan ƙure murya. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'urar.

Kuskure na ɗaya ɓangaren shi ne gaggawa. Wanda ya fara da waƙoƙin tsayuwa da ƙafa tun rana ta biyu yakan ji su fanko, ko ya yi rawa da rana ya kwana yana kuka. Alamar gaggawa ita ce jin haushin waƙar, ko jin kamar ana yi wa kai ƙarya. Gyaran shi ne a koma baya mataki ɗaya, a ƙara wa sallamawa lokaci.

Iyakar abin da waƙa ke iya yi

Jerin waƙoƙi yana sauya yanayin zuciya na ɗan lokaci, kuma idan aka dawwama a kansa yana koya wa mutum cewa baƙin ciki abu ne da ake shiga a fita. Bai maye gurbin barci da abinci da ibada da zama cikin 'yan uwa ba, kuma ba ya warkar da ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bambanta wannan ciwo da baƙin cikin yau da kullum da cewa yana riƙe mutum mafi yawan yini, kusan kowace rana, har aƙalla mako biyu, tare da rasa sha'awar abubuwan da ya saba jin daɗinsu. Idan aka ga haka, musamman idan barci da cin abinci sun lalace, ko mutum ya kasa zuwa aiki ko makaranta, ko ya koma ga ƙwaya da kayan maye don ya samu sauƙi, to lamarin ya wuce na waƙa, sai likita. Wanda kuwa tunanin kashe kansa ko cutar da wani ya fara zo masa, kada ya jira mako biyu: ya faɗa wa wani babba da ya yarda da shi a ranar, a kai shi asibiti.